Batu: VPN na yanke mini kowace awa tun ranar Litinin 6 ga Oktoba

Assalamu alaikum Yallaɓai,

Barka da aiki, da fatan an tashi lafiya.

Tun ranar Litinin 6 ga wata VPN na ofis yake yanke mini, kuma abin ya fara taɓa aikin daidaita asusun watan Satumba da ya kamata in miƙa maka ranar Juma'a 10 ga wata. Ban rubuto da wuri ba saboda na ɗauka sabis ɗin unguwarmu ne, ka san halin Hotoro idan hadari ya haɗu. Amma jiya Laraba na ajiye takarda da biro a gefen kwamfuta ina rubuta lokacin kowace yankewa, sai na ga ashe abin yana da tsari.

Na shiga da 9:02 na safe, ya yanke da 10:02. Na koma da 10:04, ya yanke da 11:04. Bayan azahar na shiga da 2:31, ya yanke da 3:31. Minti 60 cif kowane karo, ko ina tsaka da aiki ko na bar kwamfutar a ajiye. Daga Litinin zuwa jiya na ƙirga sau 17. Da ya yanke sai akwatin shiga ya fito yana neman sabuwar lamba shidan nan ta waya, ina sakawa kuma ya haɗu nan take.

Ga abin da manhajar ta rubuta a yankewar farko ta jiya:

```
2025-10-08 10:02:14 TLS: soft reset sec=3600/3600 bytes=48211034/-1 pkts=61203/0
2025-10-08 10:02:16 AUTH: Received control message: AUTH_FAILED
2025-10-08 10:02:16 SIGUSR1[soft,auth-failure] received, process restarting
```

Layukan nan uku su ne suke maimaituwa a sauran ma, lokaci kawai ke bambanta. Na haɗo cikakken fayil ɗin da wannan saƙo, tare da hoton takardar tawa.

Don in cire shakku kan layin gidana, na bar wannan umarni yana tafiya a gefe tun safe:

```
ping -t 8.8.8.8
```

A daidai lokacin da VPN ya faɗi, amsa ba ta tsaya ba ko sau ɗaya, kuma kiran da muke yi da Hajiya Binta ta intanet bai katse ba. Na bar na'urar intanet ta gida na jona kwamfutar da datar wayata, layin wani kamfani daban, nan ma awa na cika ya yanke. Ba batun ɗauke wuta ba ne, don komai nawa a kan sola yake. Kwamfutar ofis ce mai Windows 11, da OpenVPN 2.6 ta UDP 1194, ban taɓa saitin komai ba.

Ni ba ma'aikaciyar sashen fasaha ba ce, amma ga abin da nake zato. Manhajar tana sabunta makullan tsaro duk bayan daƙiƙa 3600, wato saitin `reneg-sec`, kuma a lokacin sabar ofis takan sake tantance mai shiga. Ranar Litinin ɗin nan ce aka fara tilasta mana lambar waya. Ita kuwa lambar sau ɗaya take aiki, bayan daƙiƙa 30 wata ta maye gurbinta. To idan tsohuwar aka sake aika wa sabar bayan awa guda, dole ta ƙi karɓa. Akwai saitin `auth-gen-token` a ɓangaren sabar wanda aka tanada don irin wannan. Su Malam Aminu ne za su tabbatar. Ba wai ina neman a cire lambar ba ne, don na san amfaninta ga bayanan albashin mutane.

Sake shigar ba ta dame ni ba, asarar aikin ce ke ci mini rai. Manhajar asusu ba ta adana shafi sai an kai ƙarshensa. Ranar Talata ina layi na 140 cikin 160 na kuɗin masu kawo kaya haɗin ya faɗi, na dawo na tarar da shafin wayam, sai da na sake daga farko. Yanzu ƙararrawa nake sakawa a minti na 50 in tsaya in jira ya yanke, kuma hakan na cinye mini kusan awa ɗaya da rabi a yini.

Don Allah Yallaɓai a tura wannan saƙo ga sashen fasaha da sa hannunka, don takardar ƙorafin da na buɗe ranar Talata har yanzu ba wanda ya ɗauka. Zai yi kyau kuma a tambayi sauran masu aiki daga gida ko su ma suna gani. Idan ba a samu gyara zuwa yau da yamma ba, ina roƙon a ɗaga mini rahoton zuwa Litinin 13 ga wata, ko a ba ni tebur a ofis gobe in ƙarasa a can.

Ina kan kwamfuta daga 9 zuwa 5. Yau na shiga da 9:10, don haka duk wanda zai duba ya kira ni kafin 10:10, ya gani da idonsa.

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma.

Nafisa
Sashen Kuɗi