Takardar Neman Kwangilar Haƙa Rijiyoyin Burtsatse Uku Masu Aiki da Hasken Rana

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Bayar da Kwangila,
Ƙaramar Hukumar Argungu, Jihar Kebbi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun ga sanarwarku ta neman 'yan kwangila, kuma kamfaninmu da ke Birnin Kebbi yana neman a ba shi wannan aiki. Mun haɗo da takardar rajistarmu ta Hukumar Rajistar Kamfanoni da shaidar biyan haraji ta shekara uku.

Yadda za mu yi aikin

Mun taka ƙauyukan uku da ƙafarmu. A biyu daga ciki mun tarar da tsofaffin burtsatse, tanki a tsaye, ba ɗigon ruwa, mata na komawa fadama da jarkoki. Abin ya dame mu. Ƙasar Argungu ba ta rowar ruwa, sai dai rairayi gare ta. In ba a sa matacin da ya dace ba, aka kuma yi ƙwauron tsakuwa a gefen bututu, yashi ne zai cinye famfon kafin shekara ta zagayo.

Saboda haka ba za mu kafa injin ba sai an yi awon ƙasa a kowane wuri. Mun yi lissafi a kan zurfin mita 100. Bayan haƙa za mu wanke rijiyar, mu ja ruwa awa 24 ba tsayawa a gaban injiniyanku, sannan mu kai ruwan ɗakin gwaji. Sai an ga ƙarfin rijiya za a zaɓi girman famfo. Kowane wuri zai samu tanki mai cin lita 10,000, da kan famfo shida, da kwamin shayar da dabbobi can gefe, don kada shanu su dagula inda mata ke ɗiba.

Za mu gama cikin mako goma. Muna roƙon a fara da rani, domin da damina ta kankama babbar mota ba ta shiga hanyoyin nan.

Kuɗin kowace rijiya

Awon ƙasa: naira 400,000
Haƙa, bututu, mataci da tsakuwa: naira 6,500,000
Famfo da faifan sola: naira 4,200,000
Tanki da hasumiyarsa: naira 3,600,000
Kawunan famfo, kwami da shinge: naira 1,300,000

Rijiya ɗaya naira 16,000,000 ke nan, uku kuma 48,000,000. Da harajin sayen kaya na kashi 7.5 cikin ɗari, wato 3,600,000, jimla ta kama naira 51,600,000. Wannan farashi zai tsaya haka har kwana 90 daga ranar buɗe takardu.

A cikin kuɗin nan za mu koya wa matasa biyu a kowane ƙauye, waɗanda mai gari zai zaɓa, goge ƙurar hunturu daga faifan sola da ƙananan gyare-gyare. Duk abin da ya lalace cikin wata 12 na farko, gyaransa na wuyanmu.

Mun gode. Allah ya taya riƙo.

Naku,
Manajan Darakta