Tsakanin Wawun da Ainun

Kwana biyu da saukowa daga Mina zazzaɓi ya kayar da Hajiya Rabi. Motar asibiti ta ɗauke ta daga masaukinsu na unguwar Misfala a Makka, mijinta Malam Sule ya biyo baya da ledar kayanta, ya iso an riga an shige da ita. Ma'aikaciyar da ya tambaya ta duba awarwaron shaidar da ke hannunsa, ta yi masa nuni da wani koren allo mai kibiya, ta wuce da sauri.

Malam Sule ya sauke Alƙur'ani tun yana yaro, amma rubutun allon babu wasali, ga hasken fitila yana ƙyalli a kansa. Ya ɗauki hoto hannunsa na rawa, ya tura wa Nura, ɗan ƙanwarsa da ke karatun Larabci a Kano. Ba a yi minti ɗaya ba saƙon murya ya shigo, ana jin ƙarar babura a bayansa.

"Kawu, ai Tan'im aka rubuta. Masallacin Nana A'isha ke nan, inda ake ɗaura haramin umara. Ƙila can suka mayar da ita."

Bai tsaya tambayar kowa ba. Ya ba mai tasi riyal 50, kuɗin da ya ware don dabinon tsaraba, suka ɗauki hanyar Madina. A Tan'im ya tarar da maza cikin fararen mayafai suna ta talbiya. Ya zagaya masallacin sau uku, ya tsaya a ƙofar mata har aka kira la'asar, duk wadda ta fito da shuɗin hijabi sai gabansa ya faɗi. Shekara 41 suna tare, ko kasuwar ƙauye ba ta taɓa zuwa bai san inda take ba.

Wani dattijo mai shara, haifaffen Makka da Hausarsa ta ɗan karye, ya ga hawaye a gemunsa.

"Alhaji, lafiya?"

Ya miƙa masa wayar. Dattijon ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya kawo shi dab da idonsa.

"Wannan wawun ce, ba ainun ba. Tanwim. Haka muke kiran sashen da ake kwantar da marasa lafiya a nan. Matarka tana inda ka baro ta."

Da magariba ya sake tsayawa a gaban koren allon, ya bi kibiyar ya hau bene. Gado na huɗu, kusa da taga, ana yi mata ƙarin ruwa. Ta buɗe ido a hankali.

"Malam, ina ka shiga tun safe? Na ce musu kana nan waje, ba ka nisa."

Ya ajiye ledar a gefen gadon, ya gyara mata mayafin da ya zame daga ƙafarta. Wayar ta yi ƙara a aljihunsa, Nura ne, ya bar ta tana ringi.

"Kin sha ruwa?" ya ce.