Neman izini da ƙarin bayani kan ma'aunin rijiyoyin fadamar Haɗeja zuwa Nguru

Sashen Nazarin Labarin Ƙasa,
Jami'ar Bayero, Kano.
14 ga Janairu, 2025.

Zuwa ga Farfesa,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na uku a wannan sashe. Bincikena a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa ne a fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, da yadda ya canza tun da aka tare ruwan kogin Haɗeja daga sama, wato da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Na rubuto ne kan ma'aunin zurfin ruwan rijiyoyi 42 da kuka tattara tare da ɗalibanku daga 1993 zuwa 1998, a ƙauyukan Kirikasamma da Guri da gefen Nguru. Wani tsohon ɗalibinku da ya yi aikin tare da ku ne ya nuna mini fayil ɗin, kuma shi ya ce kada in taɓa komai sai na nemi yardarku. Na buɗe na duba, amma ban yi lissafi da shi ba, ban kuma ba kowa ba.

Abin da ya sa na matsu da waɗannan bayanai shi ne lokacin da aka ɗauke su. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat suna nuna mini faɗin ambaliya shekara bayan shekara, da yadda kachala ta yi ta cinye hanyoyin ruwa kamar Marma, amma ba sa ganin abin da ke cikin rijiya. Ma'auninku ya faro shekara guda bayan kammala Challawa, daidai lokacin da shirin Fadama ya fara yawaita ƙananan rijiyoyi da injinan ban ruwa a hannun manoman rani. Ina so in koma waɗannan rijiyoyin, waɗanda ba su rufta ba, in sake auna su tsawon damina biyu da rani biyu, in kwatanta. Idan babu naku, nawa ba shi da abin da zai jingina da shi.

Sai dai fayil ɗin lambobi ne zalla, babu takardar da ta zo da shi, kuma akwai wuraren da ba na so in yi zato.

Babbar tambayata a kan jerin da aka sa wa suna DTW ce. Na fahimci nisa ne zuwa fuskar ruwa, amma daga ina aka fara aunawa, daga bakin rijiya ko daga doron ƙasa? Rijiyar da aka gina wa baki da siminti takan tashi sama da rabin mita, kuma a fadama, inda ruwa yake kusa, rabin mita ya isa ya juya sakamako gaba ɗaya. Idan daga baki ne, ko an rubuta tsayin bakin kowace rijiya a wani wuri? Haka kuma da wane lokaci ake zuwa awon? Rijiyar da aka auna da asuba kafin a zura guga daban take da wadda aka auna da hantsi bayan mata da masu shayar da dabbobi sun ɗiba. Na ga wasu rijiyoyin suna sauka da hawa daga wata zuwa wata fiye da yadda yanayi zai sa, kuma ina zargin sa'ar awo ce, ba ruwan ƙasa ba. Ku ne kaɗai za ku iya raba mini wannan gardama.

Akwai kuma lambar -99 da ta bayyana sau da yawa, musamman a watannin Afrilu da Mayu. Ko tana nufin ba a je ba, ko an je an tarar rijiyar ta ƙafe? Idan ƙafewa ce, to wannan ita ce shaida mafi daraja a cikin fayil ɗin baki ɗaya, kuma zubar da ita a matsayin gurbi kuskure ne babba. A wasu layukan ma an bar wurin fayau babu komai, wanda ya sa nake ganin abu biyu ake nufi.

Sauran tambayoyin gajeru ne. Lambobin wuri, daga taswirar gwamnati mai tsarin Minna aka ciro su ko da na'urar GPS mai tsarin WGS 84? Bambancin zai iya kai ni rijiyar maƙwabci. Kwanan wata, rana ce a gaba ko wata? Sannan rijiyoyi uku sun canza lamba a 1996. Sababbi ne aka haƙa, ko suna kawai aka sauya?

Idan littattafan da aka riƙa rubuta awon a fili suna nan, ko takardar umarnin da aka ba masu aunawa, ko rahoton ƙarshe na aikin, su ne za su amsa yawancin wannan. Ba sai sun bar gidanku ba. Zan zo da na'ura in ɗauki hotonsu a gabanku, in bar muku kwafi mai tsafta.

Game da izini, ga abin da nake roƙo a fili. Ina neman yardarku a rubuce in yi amfani da bayanan a kundin digirina da maƙalun da za su fito daga cikinsa. Duk inda suka bayyana, a jadawali ko a zane, sunanku da shekarun aikin za su kasance a wurin, da lafazin da kuka zaɓa. Idan maƙala ta dogara da su sosai, zan so ku shiga cikin marubuta, in kun amince, kuma ba zan tura komai mujalla ba sai kun gani. Ba zan miƙa fayil ɗin ga kowa ba in ban da malamin da ke duba aikina. Idan hukumar da ta ɗauki nauyin aikin tana da haƙƙi a kai, ku sanar da ni wanda zan rubuta wa.

Na lura akwai sunayen masu rijiyoyi da na masu unguwanni a jeri na biyu. Waɗannan mutane sun ba ku amana ne, ba ni ba. Zan cire sunayen daga kwafin da zan yi aiki da shi, in bar lambobi kawai, kamar yadda Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 da kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a suke buƙata. Wurin neman rijiyoyin kaɗai zan duba su, kuma ta hannun dagatai zan shiga kowane gari.

Akwai roƙo na biyu, wanda bai rataya da na farko ba. Ina ganin bai kamata aikin shekara shida ya dogara da kwamfuta ɗaya da ƙwaƙwalwar mutum biyu ba. Idan kun yarda, zan tsara bayanan tare da takardar da ke fayyace kowane jeri, mu ajiye su da sunanku a ma'ajiyar bayanan bincike ta intanet mai suna Zenodo ƙarƙashin lasisin CC BY 4.0, wanda ya wajabta wa duk mai amfani da su ya ambace ku. Za su sami lambar DOI ta dindindin, wadda ake nemo su da ita a intanet. Idan ba ku so a buɗe su ga kowa, ana iya rufe su sai wanda kuka ba izini. Idan kuma kun ce a bar wannan maganar, an bar ta.

Ina fatan fara awo a watan Afrilu, kafin ruwan farko, don haka amsa kafin ƙarshen Fabrairu za ta taimake ni ƙwarai. Na haɗo taƙaitaccen tsarin bincikena mai shafi huɗu da wasiƙar malamina. Idan magana baki da baki ta fi muku sauƙi, ku sa mini rana in zo gida in gaishe ku.

Allah ya saka da alheri, ya sa a mizani. Wassalam.

Ɗalibarku,
Hauwa'u