Takardar aiki ga 'yan aji: zaɓen W1, W2 da W3 a tsarin H-infiniti

Assalamu alaikum. Aikin wannan makon shi ne moton da ke jan bel ɗin buhunan shinkafa, kuma abin da muke son riƙewa shi ne saurinsa. Lissafin da muka samu daga awo:

```
s = tf('s');
G = 4/((0.5*s+1)*(0.02*s+1))
```

Kun san S = 1/(1+GK), T = GK/(1+GK), kuma S + T = 1 a kowace firikwansi. Don haka ba yadda za a yi su ƙanƙance tare a wuri guda. Tun da Zames ya kawo wannan tunani a 1981, kuma Doyle, Glover, Khargonekar da Francis suka warware shi ta lissafin Riccati a 1989, nemo K ya zama aikin kwamfuta. Abin da ya rage muku shi ne faɗa mata abin da kuke so, kuma da W1, W2 da W3 ake faɗa: W1 a kan S, W2 a kan KS, W3 a kan T.

Ku fara da W3, domin shi ba ra'ayinku ba ne, moton ne ya yanke shi. In bel ya cika da buhu ko ya zama fanko, lambar nan 4 tana hawa ko sauka da kashi 20 cikin 100. Sannan sensa da direban moto suna kawo jinkirin da zai kai daƙiƙa 0.02, wanda ba mu sa a G ba. Ku zana |Gp/G - 1| na kowane hali, inda Gp ke nufin moton a wannan halin, ku nemi layin da ya rufe su duka ta sama. Wannan ya rufe:

```
W3 = (0.03*s+0.2)/(0.01*s+1)
```

Yana farawa daga 0.2, ya ƙetare 1 wajen 35 rad/s, ya tsaya a 3. Daga 35 zuwa sama, abin da ba mu sani ba game da moton ya fi abin da muka sani, dole T ta sauka. Muddin |W3 T| bai kai 1 ba a ko'ina, tsarin ba zai birkice ba a duk halayen nan. Wanda ya rage W3 don lissafi ya fito masa da kyau, kansa ya yaudara, moton bai canza ba.

W1 kuwa nan ne ake ciniki. Siffarsa (s/M + wB)/(s + wB*A). A = 0.001 na nufin kuskuren da zai saura bayan komai ya lafa bai wuce ɗaya cikin dubu ba. Kada ku sa A = 0, fol ɗin zai faɗa kan sifili, `mixsyn` kuma ba za ta karɓa ba. M = 2 ya hana ƙololuwar S wuce 2, wanda ke ba da tabbacin rarar 6 dB da digiri 29 aƙalla. Na ga masu son M = 1.1, wai don amsa ta yi sumul. Lissafin Bode bai yarda ba: kamar balan-balan ne, in ka danne S a ƙasa sai ta kumbura a sama. Ku bar mata wurin kumbura.

Saura wB. Ku fara da 8 rad/s, inda W1 zai ƙetare 1 wajen 9, da tazara mai kyau tsakaninsa da 35.

W2 = 0.1 ya isa. Mun daidaita awo yadda 1 shi ne iyakar wutar da direba ke iya bayarwa, canjin saurin da ake nema a kullum kuma wajen 0.1 ne, saboda haka KS tana da damar kaiwa 10. Kada dai ya zama sifili, domin G ɗinmu tana mutuwa a firikwansi mai tsayi, lissafin zai rasa abin da zai taka wa K burki.

```
s = tf('s');
W1 = (s/2+8)/(s+0.008);
[K,CL,gam] = mixsyn(G,W1,0.1,W3);
sigma(feedback(1,G*K),1/W1,feedback(K,G),tf(10),feedback(G*K,1),1/W3)
```

In `gam` ta fito ƙasa da 1, duk sharuɗɗan uku sun cika. Sai ku riƙa ƙara wB kaɗan-kaɗan har ta matso 1, ku rubuta inda kuka tsaya. In ta haura, ku duba zanen ku ga wane layi ne ya taɓa iyakarsa kafin ku canza komai, kuma abu ɗaya za ku canza a lokaci guda.

Akwai abin da `gam` ba ta nunawa. Wannan hanya tana sa K ta soke fol ɗin G masu zaman lafiya, har da na -2. Amsar bin umarni za ta yi kyau, amma ku gwada `step(-feedback(G,K))`, wato kamar an jibga buhu a kan bel: saurin zai faɗi, ya riƙa jan ƙafa da lokacin nan na rabin daƙiƙa kafin ya dawo. Ina son ganin wannan zanen a rahoton kowa, tare da ra'ayinku ko mai injin zai lamunta.

K za ta fito da mataki 4, biyu daga G, ɗai-ɗai daga W1 da W3. Wanda ya rage ta da `balred`, ya sake zana S da T da sabuwar. A kawo rahoto ranar Alhamis kafin azahar.