Gyaran amsarka ta gado

Ƙanena, assalamu alaikum. Na duba takardar da ka miƙo min jiya a Harami bayan Magariba. Kada ka kai wa malamin Fara'il tukuna, akwai gyara.

Mas'alar: mace ta rasu ta bar miji, 'ya'ya mata biyu, uwa, uba da ɗan'uwa shaƙiƙi. Bayan biyan bashi da wasiyya, saura riyal 150,000.

Rubu'in da ka ba miji daidai ne, tunda akwai 'ya'ya. Sulusi biyu na 'ya'ya matan ma daidai, asali 12, wato yawan kason da za a fara raba dukiyar, kuma ba laifi. A kan iyaye ne ƙafarka ta zame.

Ka ba uwa sulusi. Koma aya ta 11 a Suratun Nisa'i: sulusi sai in mamaci bai bar ɗa ko 'ya ba. Da 'ya'ya a raye, sudusi za ta ɗauka. Sannan ka rubuta "uba asaba ne, ba abin da ya rage, ya faɗi". Wato ka ɗauke shi mai jiran abin da ya saura bayan masu farilla kawai. Nan ne na fi damuwa. Ayar da ta ba uwa sudusi ita ta ba uba sudusi, a jumla ɗaya aka ambace su. Idan 'ya'yan mata ne zalla, uba yana karɓar sudusinsa na farilla, in an sami saura ya haɗa da shi. Shida ne ba mai shamakance su daga gado: uba, uwa, ɗa, 'ya, miji da mata.

Na san abin da ya ruɗe ka. Lissafinka 3 + 8 + 4 = 15, ka tuna 12 tana yin auli, wato tana ƙaruwa idan kason magada ya zarce ta, zuwa 13, 15 ko 17, sai hankalinka ya kwanta. To ai sahihin lissafin ma can yake sauka: 3 + 8 + 2 + 2 = 15. Jimilla ta yi daidai, kason miji da na 'ya'ya bai motsa ba, amma ka kwashe rabon tsoho ka ɗora wa tsohuwa. Da rabon gaske ne a gidan wani, dattijon da ya binne 'yarsa zai tashi hannu rabbana da sa hannunka.

Raba 150,000 gida 15, kowane kaso 10,000. Miji 30,000, kowace 'ya 40,000, uwa 20,000, uba 20,000.

Shaƙiƙin kuwa, ka dace da ka hana shi, dalilinka ne bai yi ba. Uba ne ya shamakance shi. Ko da dukiya ta yi saura, uban za ta koma wa.

Ka sake rubutawa da hannunka, gaban kowane magaji ka sa dalilin kasonsa kafin ka taɓa lamba. Ka kawo min ranar Laraba bayan Isha, ina nan wajen Babus Salam. Allah ya ƙara fahimta.

Yayanka