Darasi na Biyar: Neman Daidaiton Nash Idan Babu Dabarar da Ta Rinjayi Saura

Assalamu alaikum, ɗalibaina. Na gama duba takardun gwajin da kuka yi ranar Asabar, kuma tambaya ta uku ce ta sa na zauna na rubuta muku wannan takarda kafin mu sake haɗuwa. Da yawanku kun duba jadawalin, kun nemi dabarar da ta rinjayi saura ba ku samu ba, sai kuka rubuta "babu daidaito" kuka wuce. Abin ya dame ni, domin na ga kun iya lissafin, hanya ɗaya ce kawai kuka riƙe. Dabara mai rinjaye, wato wadda ta fi wa mutum alheri ko me abokin karawarsa ya yi, ba a cika samunta ba. A kasuwa da rayuwa, abin da ya fi maka yakan dogara ne da abin da ɗayan ya zaɓa.

Mu fara da ma'anar da John Nash ya bayar a 1950, wadda ta kai shi ga lambar Nobel ta tattalin arziki a 1994. Gida a cikin jadawali yana zama daidaito idan babu ɗaya daga cikin mutum biyun da zai ƙaru in ya sauya zaɓinsa shi kaɗai, ɗayan yana nan inda yake. Ku riƙe kalmomin nan biyu, "shi kaɗai". A wannan darasi muna maganar tsantsar dabara ne, inda kowa ke ɗaukar zaɓi guda ya tsaya a kai, ba tare da jefa ƙuri'a ba.

Ga misali daga Kantin Kwari. Alhaji da Hajiya shagunansu na kallon juna, Sallah ta gabato, kowanne kuma jarinsa na isar kaya iri ɗaya ne kawai: atamfa, shadda ko leshi. In suka saro abu ɗaya sai su raba masu saye, su yi ta karya wa juna farashi. Alƙaluman ni na tsara su don darasi, ribar mako ce a dubban naira. Zaɓin Alhaji yana layin kwance, na Hajiya yana layin tsaye. A kowane gida lambar farko ta Alhaji ce, ta biyu ta Hajiya.

```
          Atamfa    Shadda    Leshi
Atamfa    30, 30    70, 60    50, 40
Shadda    60, 70    20, 20    45, 50
Leshi     40, 55    50, 45    10, 10
```

Ku shiga rigar Alhaji tukuna. Ku sa hannu ku rufe komai ban da layin tsaye na farko, wato Hajiya ta riga ta saro atamfa. Lambobin Alhaji a nan su ne 30, 60 da 40. Babbar ita ce 60, don haka shadda ce martaninsa mafi kyau, sai ku yi wa 60 tauraro. Ku matsa layi na biyu, Hajiya ta ɗauki shadda: 70, 20, 50. Tauraro ya hau kan 70, atamfa ke nan. Layi na uku, Hajiya ta ɗauki leshi: 50, 45, 10, nan ma atamfa. Kun ga taurarin Alhaji ba su taru a layin kwance guda ba, biyu suna kan atamfa, ɗaya yana kan shadda. Wannan ita ce shaidar cewa ba shi da dabara mai rinjaye. A daidai nan ne yawancinku kuka ajiye biro, alhali rabin aikin ne kawai aka yi.

Yanzu Hajiya. Ita a kwance ake duba mata, kuma lambobi na biyu kaɗai. In Alhaji ya saro atamfa tana da 30, 60, 40, sai shadda. In ya saro shadda tana da 70, 20, 50, sai atamfa. In ya saro leshi tana da 55, 45, 10, atamfa kuma. Jadawalin ya koma haka:

```
          Atamfa      Shadda      Leshi
Atamfa    30, 30      70*, 60*    50*, 40
Shadda    60*, 70*    20, 20      45, 50
Leshi     40, 55*     50, 45      10, 10
```

Duk gidan da ya sami tauraro biyu daidaito ne. A nan gida biyu ne: Alhaji atamfa Hajiya shadda, da kuma Alhaji shadda Hajiya atamfa. Dukansu za ku rubuta. Wanda ya kawo ɗaya ya bar ɗaya rabin maki zai samu.

Wata ɗaliba ta tare ni bayan aji ta ce, "Malam, ta yaya gidan 60 da 70 zai zama daidaito, bayan Hajiya ta fi Alhaji samu? Ai ba zai yarda ba." Tambaya ce mai kyau, kuma na san tana zukatan da yawanku. Mu gwada. Hajiya ta riga ta cika shagonta da atamfa. In Alhaji ya ji haushi ya koma atamfa, ribarsa ta faɗo daga 60 zuwa 30. In ya koma leshi, 40. Yana iya fatan a ce shi ne mai 70, amma isa wancan gida sai su biyun sun sauya tare, kuma zaɓin Hajiya ba a hannunsa yake ba. Saboda haka kada ku taɓa gwada lambar Alhaji da ta Hajiya. Ana gwada lambar mutum ne da sauran lambobinsa, waɗanda zai iya kaiwa da ƙafarsa. Ku kalli gidan 50 da 40 ma, mai tauraro ɗaya. Alhaji ya gamsu da shi, amma Hajiya za ta bar leshi ta koma shadda ta sami 60, don haka gidan ba ya zama.

To wanne daga cikin biyun zai faru? Jadawalin bai faɗa ba, kuma ba aibi ba ne ku rubuta hakan a jarrabawa. Abin da ke raba gardama yana wajen jadawali. Wataƙila shekara da shekaru an san Alhaji da shadda, masu saye ma in suna nemanta wurinsa suke nufa. Wataƙila Hajiya ce ta riga sauke diloli a ƙofar shago kowa ya gani. Thomas Schelling ya yi bayanin wannan a 1960: idan daidaito ya fi ɗaya, mutane sukan taru a kan wanda al'ada ko wata alama ta fito da shi fili. Tuƙi a titi ma haka yake. Kowa ya bi hagu daidaito ne, kowa ya bi dama daidaito ne. Nijeriya tana bin hagu har zuwa Afrilun 1972 da aka koma dama, kuma sai da hukuma ta sa rana guda kowa ya sauya tare, don direba ɗaya ba zai iya fara sauyawa shi kaɗai ba.

Misali na biyu ya fi taɓa ni. 'Yan kasuwa biyu a Dawanau suna son kai gero kudu. In suka haɗa kuɗi suka ɗauki babbar mota, kuɗin dako ya ragu, kowa ya ci 8. In kowa ya kama ƙaramar mota abinsa, kowa ya ci 5. Amma wanda ya biya kafin alƙalamin babbar mota ɗan'uwansa bai zo ba, ya tashi a tutar babu.

```
            Haɗaka    Ni kaɗai
Haɗaka      8*, 8*    0, 5
Ni kaɗai    5, 0      5*, 5*
```

Kusan dukanku za ku ga 8 da 8 nan take. Gidan 5 da 5 ne ake tsallakewa, don ido yana ganinsa kamar asara. Amma ku yi masa gwajin: in abokina zai tafi shi kaɗai, ni in na nace a kan haɗaka sifiri zan samu, gara in riƙe 5 ɗina. Shi ma haka yake tunani. Mutum biyu masu hankali suna iya shekara a wannan gida, kowa yana gudun a bar shi da mota da direba a tasha. Kalmar daidaito ba ta nufin abin ya yi kyau, tana nufin babu mai motsawa shi kaɗai. Abin da ke fitar da su shi ne amana, ko dillali da duka biyun suka yarda da shi ya riƙe kuɗin. John Harsanyi da Reinhard Selten, waɗanda suka raba Nobel ɗin 1994 da Nash, sun yi dogon aiki a kan zaɓi tsakanin daidaiton da ya fi riba da wanda ya fi ƙarancin kasada, za mu zo kansa nan gaba.

Yakan faru kuma ku gama sa taurari ba gidan da ya sami biyu. Ku ɗauki bugun fenariti a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Mai tsaron raga yana so ya faɗa inda ƙwallo za ta, mai bugu yana so ya buga inda golan bai faɗa ba. Kowane gida kuka tsaya, ɗayansu yana son barinsa. A irin wannan kaɗai za ku rubuta cewa babu daidaito na tsantsar dabara, bayan kun nuna taurarinku. Kada ku rubuta "babu daidaito" kawai, domin Nash ya tabbatar cewa duk wasan da 'yan wasansa da zaɓuɓɓukansa suke da iyaka yana da aƙalla daidaito guda in aka yarda da gauraya dabaru, wato mutum ya jefa ƙuri'a tsakanin zaɓuɓɓukansa. Wannan shi ne darasi na shida.

Saura kunnen doki. In lambobi biyu suka yi daidai a matsayin mafi girma, duka biyun za ku yi wa tauraro. Ma'anar ta ce mutum ba zai ƙaru ba in ya sauya, wanda kuwa ya bar 6 ya koma 6 bai ƙaru da komai ba.

Ga aikin gida. Wa da ƙani kowa yana da adaidaita sahu, kowa zai zaɓi inda zai yi lodi da safe. Wan yana layin kwance, ƙanin yana layin tsaye, samun yini a dubban naira.

```
          Kabuga    Bata    Hotoro
Kabuga    4, 4      9, 6    7, 7
Bata      6, 9      5, 5    7, 8
Hotoro    6, 7      8, 7    3, 3
```

Ku nuna cewa babu mai dabara mai rinjaye a cikinsu, ku sa taurari, ku fitar da kowane daidaito. Sannan ku ɗauki gidan 9 da 6 ku rubuta jimla biyu a kan ko yana zama ko ba ya zama, da wanda zai tashi daga cikinsa da inda zai koma. Akwai kunnen doki a wuri uku, ku bi a hankali. Ku kawo a rubuce da hannu ranar Asabar ƙarfe goma na safe, wanda kuma ya maƙale ya same ni bayan La'asar ranar Alhamis mu bi jadawalin tare.