Zama da ma'aurata ƴaƴan wa da ƙani: abin da takardar gwajin jini ta nuna

Ɗakin shawara kan cututtukan gado, a wani asibiti cikin Damagaram. Ma'auratan wata 7 da biki, babu ciki tukuna. Takardun gwajinsu na kan tebur.

Jami'a: Sannunku da zuwa, ya zafi? Malam, matso da kujerar, amarya ke ma. Kafin mu buɗe takarda sai mun zana dangi, don lissafin duka a kansa yake. Mahaifinka da mahaifinta wa da ƙani ne. Ciki ɗaya, ko ƴan uba?

Miji: Uwa ɗaya uba ɗaya ne, Hajiya.

Jami'a: Iyayenku mata fa, akwai dangantaka tsakaninsu, ko tsakaninsu da mazajensu?

Mata: Babu. Innata ƴar Mirriya ce, tasa daga Tanut take.

Jami'a: Madalla. Ga dalilin tambayar. Kowane mutum yana da ƙwayoyin gado wajen dubu 20, kuma kowace bibbiyu take zuwa, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Ƴaƴan wa da ƙani ciki ɗaya sun haɗa kashi 1 cikin 8 na waɗannan ƙwayoyi daga kakanni guda. Da iyayenku ƴan uba ne, kowa da ɗakinsu, da 1 cikin 16 ne. Da iyayenku mata su ma ya da ƙanwa ne, da ya hau 1 cikin 4. Nono kuwa ba ya cikin wannan lissafi. Shayarwa tana hana aure a addini, amma ba ta sa ƙwayar gado cikin jikin yaro.

Cututtukan da muke magana a kai masu ɓuya ne. In mutum ya gaji ƙwaya ɗaya mai matsala, ta biyun lafiyayya tana yin aikin duka, shi kuma garau yake, bai ma san yana ɗauke da komai ba. Ni da ku duka, kowa na ɗauke da irinsu ƴan kaɗan. Ciwo ba ya fitowa sai yaro ya samu mai matsalar daga uba, ya kuma samu irinta daga uwa. Amosanin jini haka yake, wanda wasu ke kira sikila. Zabiya haka. Yawancin kurumtar da ake haihuwa da ita ta gado, haka. Auren zumunci ba ya ƙirƙirar ƙwaya marar kyau. Abin da yake yi shi ne sauƙaƙa wa guda biyu iri ɗaya haɗuwa, tunda daga rumbu ɗaya aka ɗebo irin.

A ƙidaya, in bare ya auri bare, cikin haihuwa 100 ana samun 2 zuwa 3 da babbar matsala tun daga haihuwa. Ga ƴaƴan wa da ƙani adadin yakan kusa ninkawa, wajen 4 zuwa 6. Ku juya shi ta ɗaya gefen: sama da 90 cikin 100 lafiya suke zuwa. Wannan lissafin jama'a ne gaba ɗaya. Naku na kanku yana cikin takardun nan da kuma tarihin gidanku, kuma shi ya fi muhimmanci.

Mata: Ai kafin biki an yi mana gwaji, aka ce nawa babu komai.

Jami'a: Na ga takardar. Gwajin Emel aka yi maku. Ana ɗiga jini a gilashi, a hana shi iska, a duba ko ƙwayoyin jinin za su lanƙwashe kamar lauje. Abu ɗaya yake gani, wato S, nau'in jinin da ke kawo amosanin jini. Ba ya bambanta AS, mai S ɗaya haɗe da lafiyayyen A, da SS mai ciwon, kuma ba ya ganin C, wani nau'in jini daban, ko kaɗan. Shi ya sa na tura ku wancan na biyun, elektroforez, mai rarraba nau'o'in jinin ɗaya bayan ɗaya. A cikinku akwai wanda aka ƙara wa jini cikin wata ukun nan?

Miji: Babu.

Jami'a: To sakamakon abin dogaro ne, don jinin wani in yana jikinka yakan ruɗa gwajin. Malam, kai AS ne. Amarya, ke AC ce. Dukanku lafiya kuke, ba mai ciwo a cikinku, kuma ba za ku koma masu ciwo ba daga baya. Masu AS a ƙasar nan suna da yawa, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar, kuma dalilin yawansu shi ne AS yana rage haɗarin masassarar cizon sauro mai tsanani a ƙuruciya. Sai dai S da C in sun haɗu a yaro ɗaya, ana kiransa SC, kuma shi ma nau'in amosanin jini ne.

Ga ƙwarya biyu. A taka, Malam, na sa farin goro da jan goro: fari A ne, ja S. A taki, farin goro da dabino: dabinon shi ne C. Kowane ciki, kowa zai rufe ido ya ɗauko ɗaya. Fari da fari, yaro AA. Ja da fari, AS kamar babansa. Fari da dabino, AC kamar innarsa. Ja da dabino, SC. Hanya huɗu ke nan, kowace da rabo daidai, 1 cikin 4. SS ba zai fito daga gare ku ba, tunda amarya ba ta da S.

Yanzu ku duba hannuna, don a nan mutane suka fi kuskure. Bayan an ɗauka, goron komawa yake cikin ƙwarya. Ciki na biyu daga farko ake sake ɗauka. Ba wai in kun haifi huɗu dole ɗaya ya zama SC ba, ba kuma wai in na fari ya zo da shi sauran ukun sun tsira ba. Ana iya samun biyu a jere, ana iya haihuwar shida ba ko ɗaya. In kun haifi huɗu, yiwuwar a ce babu SC ko ɗaya cikinsu 81 ce cikin 256, kusan 1 cikin 3. Namiji ko mace duk ɗaya ne.

Miji: Ke nan da ban auri ƴar baffana ba, da ba a yi haka ba?

Jami'a: A kan wannan dai, a'a. Da ka auro bare daga Agadas tana AC, lissafin 1 cikin 4 ne, bai ragu da ko ɗigo ba. Takardar gwaji ta riga ta faɗi abin da ke jininku, zumunci bai ƙara komai a kai ba. Kuma ina so ku riƙe wannan saboda gida: in yaro ya zo da SC, rabi daga uba ne, rabi daga uwa. Kada wani ya ce jinin matar ne. Na faɗa a gabanku ku biyu don in maganar ta taso, kai za ka amsa ta, ba ita ba.

SC yawanci ya fi SS sauƙi. Jininsu ba ya ƙasa sosai, wasu sai sun girma ake ganewa. Amma ban yarda a raina shi ba. Yana kawo ciwon ƙashi mai tashi lokaci lokaci, musamman da sanyin hunturu, da masassara, ko in jiki ya rasa ruwa a bazara. Saifa na iya kumbura. Kan ƙashin ƙugu na iya lalacewa. A ido kuwa ya ma fi SS ɓarna, don jijiyoyin bayan ido suna lalacewa a hankali ba tare da zafi ba, shi ya sa ake fara duba idonsu kowace shekara tun suna wajen shekara 10.

Inda zumunci yake da nauyi shi ne abin da amarya ta faɗa wa ma'aikaciyarmu a waje. Malam, ƙanwarka ba ta ji. Tun yaushe?

Miji: Tun haihuwa, in ji Inna. Ba ta taɓa magana ba.

Jami'a: Ka koma ka tambayi Inna da kyau: ta taɓa waiwayawa in an kira ta, ko ta fara gwaranci sannan ta daina? Ta yi sanƙarau ko ƙyanda tana jaririya? A yankinmu sanƙarau ya kurmantar da yara da yawa, kuma irin wannan ba a gadonsa. In kuwa da ita aka haife ta kuma ta gado ce mai ɓuya, ga lissafin. Iyayenka dukansu suna ɗauke da ƙwayar. Kai da kake ji, yiwuwar kana ɗauke da ita 2 cikin 3 ce. Baffanka, ɗan'uwan mahaifinka, rabi. Ƴarsa, wato amarya, rabin rabi, 1 cikin 4. In dukanku kuna da ita, kowane ciki 1 cikin 4. A ninka su: 2/3 × 1/4 × 1/4 = 1/24. Kusan 4 cikin 100 a kowane ciki. Da bare ce, da adadin ya yi ƙasa da haka sosai. Gwajin jinin da kuka yi ba ya ganin wannan ƙwaya, nata gwajin daban ne kuma yawanci sai an aika samfuri waje. Abin da ke hannunmu shi ne a gwada jin jariri cikin watannin farko, a lura ko yana firgita da ƙara, don kurumtar da aka gano kafin wata 6 ta fi samun taimako.

Mata: To yanzu mu bar haihuwa ke nan?

Jami'a: Ba ni zan yanke ba, ɗiyata, ba kuma dangi ba. Aikina in shimfiɗa maku hanyoyin. Akwai masu haihuwa su gwada kowane jariri. Akwai masu taƙaita haihuwa ko ba da tazara don su iya kula da wanda ya zo da ciwo. Ana iya gwada ɗan tayi tun yana ciki, daga mahaifa a mako 11 zuwa 14, ko daga ruwan ciki bayan mako 15, amma yana da tsada, yana da ɗan haɗarin ɓari, kuma ku fara tambayar kanku, da malamin da kuka yarda da shi, me za ku yi da amsar. Akwai kuma haɗa ƙwai a ɗakin gwaji a zaɓi marar ciwon kafin a dasa, wannan sai mai hali sosai.

In kun zaɓi haihuwa, ga abin yi. Ki fara shan ƙwayar folik, mikrogram 400 kullum, tun kafin ciki da aƙalla wata guda har wata ukun farko. Ba ta hana SC, ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri take karewa. Ki fara awo da wuri, a yi hoton ciki tsakanin mako 18 da 22. Hoton yana ganin zuciya, ƙoda da kai, amma ba ya ganin SC, ba ya ganin kurumta. In an haihu, kada a yi wa jaririn Emel, don irin jinin da ya zo da shi daga ciki yana ɓoye S. A yi elektroforez, a maimaita bayan wata 6. In SC ne, rigakafi duka a kan lokaci, gidan sauro kullum, ruwa da yawa, kuma likitan yara zai duba batun penisilin. Ku sayi ma'aunin zafi: in ya kai 38.5, asibiti a daren, ba a jiran safiya, ba a tsaya jiƙo ba. In ya yi fari fat, cikinsa ya kumbura ta hagu, ko numfashi ya yi wuya, haka nan. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo in ana buƙatar turawa.

Miji: Ƙannena fa, Hajiya? Akwai wanda ake maganar haɗa shi da ƙanwarta.

Jami'a: Su zo su biyu a yi masu elektroforez tun ba a sa rana ba, don bayan an raba goro magana tana wuya. Sakamakonku sirrinku ne, ni ba zan faɗa wa kowa ba, ku za ku zaɓi wanda zai ji. Ga takardunku, na rubuta lissafin a baya. Ku dawo ranar Laraba ta sama da amsar Inna, in da hali ku zo da ƙanwar taka a duba kunnenta.